Kadada, Mallaka da Diyya: Sharhi a kan Wata Fassarar Dokar Amfani da Ƙasa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a auna wata fassara da aka buga da keken rubutu, wadda ta zo hannuna a Dosara ta ƙasar Maradun. Fassara ce ta wasu sassa na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, kuma mai fassarar bai sa sunansa ba. Ba abin mamaki ba ne a tarar da irin wannan takarda a can. Tsakanin 1974 da 1978 aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, ruwa ya cinye gonaki da gidaje, rikicin diyya kuma ya kai ga asarar rayukan manoma a watan Afrilu na 1980. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Da farko dai, dole a yaba Hausar mai fassarar. Sashe na 1 ya danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna domin amfanin jama'a, shi kuwa ya kira wannan "riƙon amana". Lalle ya dace, domin Bahaushe ya san mai riƙon amana ba shi ne mai abu ba. Amma daɗin Hausa bai isa ba a fassarar doka, ga kuwa dalilai.

Na ɗaya shi ne adadi. Sashe na 6(2) ya hana ƙaramar hukuma ba da izini guda a kan filin noma da ya wuce hekta 500, ko makiyaya da ta wuce hekta 5,000, sai da yardar gwamna. Mai fassara ya rubuta "kadada 500". To, wace kadada? Wasu na nufin eka da ita, wasu hekta. Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, wato hekta 500 kimanin eka 1,235 ke nan. Wanda ya ɗauki kadada a matsayin eka, ya rage filin zuwa hekta 202 ko kusa da haka. Lambar ba ta canza ba, amma fiye da rabin filin ya salwanta. Da ya ce "hekta", da magana ta ƙare.

Na biyu shi ne kalmar shari'a. Abin da dokar ke ba mutum izini ne na zama a ƙasa da cin amfaninta, wanda gwamna ke iya sokewa a ƙarƙashin sashe na 28 saboda bukatar jama'a. Mai fassara ya kira shi "mallaka" a wani shafi, "haya" a wani. Manomi ya san bambancin gado da saye da aro da jingina da haya. In ya ji "mallaka", sai ya ɗauka gonar ta zama halaliyarsa har abada. Wannan kuskure shi ya haifi ɗan'uwansa a sashe na 29, inda aka rubuta "diyyar gona". Alhali kuwa dokar ta rataya diyya ne a kan aikin raya ƙasa da bai ƙare amfani ba ranar da aka soke izini, kamar gini da shuka. Na ƙasar kanta, kwatankwacin kuɗin hayar da mutum ya biya a shekarar kurum. A ganina "haƙƙin zama da amfani" ya fi, kuma a tsaya a kansa daga farko har ƙarshe. Sauya kalma ado ne ga marubucin ƙagaggen labari, amma aibi ne ga mai fassara doka.

Na uku shi ne tsari. Sashe na 29(4) ya kasa diyya gida uku: (a) ƙasa, (b) gine-gine, (c) amfanin gona. Saboda kishin baƙaƙen Hausa, mai fassara ya jera su (a), (b), (ɓ). Ke nan in lauya ya ambaci 29(4)(c) a kotu, manomi ya duba takardarsa ba zai same shi ba, ga shi kuwa nan ne maganar gerorsa da dawarsa take. Lambar sashe adireshi ce, ba a fassara ta.

Haka ma sunaye. A wata tsohuwar wasiƙar diyya da ya haɗa a baya, ya mayar da "Jihar Sakkwato" ta koma "Jihar Zamfara", jihar da sai a 1996 aka ƙirƙiro ta. Ya kuma mayar da "Bakolori" ta koma "Bakalori", yadda ake faɗa a baka. Gaskiya ya bi, amma ba gaskiyar takardar ba. Kamata ya yi ya bar suna yadda yake, ya yi bayani a ƙasan shafi.

Ma'aunin irin wannan aiki mai sauƙi ne: a jera asali da fassara, mutum ɗaya ya karanta lambobi da sunaye da ƙarfi, ɗaya yana bi da yatsa. Duk inda yatsa ya rasa wurin sauka, nan ne wani zai yi asarar gonarsa.