Kafin a Gyara Hoton Kaka, a Fara Kwafe Shi Yadda Yake

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo mana a ƴan shekarun nan, kuma ta iso har Tsauni da ƙauyukan da ke kewaye da Matamaye. Ana buɗe adaka a ciro tsohon hoton mahaifi ko na kaka, wanda ya ɗauka a Damagaram, ko a Kano lokacin da ya je ci-rani, ko na fasfon zuwa Makka. Sai a ɗora shi a kan tabarma a ƙyasta masa waya, a tura wa wani yaro mai kwamfuta ta WhatsApp. Kwana biyu sai ga hoto ya dawo fes: an goge tsaga, an shafa launi, an sauya bango, an wanke shi babba an sa a firam. Asalin takardar kuwa a mayar da ita adaka, wani lokaci ma a bar wa yara, tunda ai an samu sabo.

Ina murna da wannan sha'awa, domin ta nuna mutane sun fara ganin darajar fuskokin magabatansu. Amma ina ganin an fara aikin daga tsakiya. Ra'ayina shi ne kada kowa ya taɓa tsohon hoto da sunan gyara, ko da hannu ko da kwamfuta, sai an fara kwafe shi da sikana, kwafi mai cikakken ƙarfi, an adana wannan kwafin ba tare da an canza masa komai ba. Gyara ya biyo baya, kuma a yi shi a kan kwafin kwafi.

Dalilin farko shi ne a wurinmu takardar nan ita kaɗai ta rage. Saidu Keita, mai hoton Bamako da ya buɗe shagonsa a 1948, ya adana dubban nagatif ɗinsa, da yawansu masu girman santimita 13 da 18. Shi ya sa bayan shekaru masu yawa aka iya sake wanke hotunansa manya-manya aka kai su gidajen baje koli na duniya. Mai hoton da ya ɗauki kakanka a bakin kasuwa kuwa ya daɗe da tashi, nagatif ɗin ya bi shi. Takardar da ke hannunka ba ta da ta biyu, kuma kullum raguwa take yi. Gara na ci, danshin damina na sa fuskarta ta yi danƙo ta manne da abin da ke kusa, zafin bazara na hanzarta kwaɗewar launi. Hotuna masu launi na zamanin Kunce da yawa sun koma ja-ja a yau, saboda rinin da ke ba da shuɗi-shuɗi ya riga sauran gudu. Kwafin da ka yi bana zai fi wanda za ka yi bayan shekara biyar.

Dalili na biyu lissafi ne, kuma ya kamata mai tsohon hoto ya san shi kafin ya shiga shago. Sikana tana karanta hoto ɗigo-ɗigo, kuma lambar da ake gani a allo da sunan dpi ita ce yawan ɗigon da take ɗauka a kowane inci, wato kimanin santimita biyu da rabi. Don hoto ya fito da kyau a takarda ana son ɗigo 300 a kowane inci na girman da za a wanke, ba na girman asalin ba. A nan ne ake yawan faɗuwa.

Mu ɗauki ƙaramin hoto baƙi da fari, santimita 6 da 9, irin wanda ake samu a gidaje da yawa: dattijo a tsaye da rawani, fuskarsa ba ta wuce santimita ɗaya a faɗi ba, ga tsagar takarda ta ratsa ta gefen ido. Iyalinsa suna son a wanke shi santimita 20 da 30 don a rataye a ɗaki. Wannan ninki uku ne da ɗoriya. Idan aka kwafe shi a 300 dpi, za a samu ɗigo kusan 710 a faɗi da 1,060 a tsawo. Da an shimfiɗa su a babbar takarda sai su koma 90 kacal a kowane inci, hoton ya fito dishi-dishi. Fuskar baki ɗaya ɗigo 118 ce a faɗi, ido ɗaya bai fi ɗigo 24 ba. Mai gyara da ya zo cire tsagar ba shi da isasshen abin da zai kwafa daga gefe, dole ya zana ido daga kansa. Garin neman gira a rasa ido ke nan, domin abin da zai fito fuska ce mai kyau amma ba ta kakanku ba.

In kuwa aka ninka 300 sau uku da ɗoriya za a ga ana buƙatar 1,000, don haka sai a zaɓi 1200 dpi a na'urar. Yanzu hoton ya zama ɗigo kusan 2,830 da 4,250, fuskar ta kai 470, idon ya haura 90. Bakin tsagar ya fito sarai, ana iya bin sa ɗigo-ɗigo a cike shi ba tare da an taɓa fatar ido ko zanen da ke kumatu ba. Zanen fuska kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, shi ke faɗin asalin mutum, kuma shi ne farkon abin da ke ɓacewa idan mai gyara ya ɗauke shi a matsayin ƙarzuwar takarda. Ƙa'idar a taƙaice: hoto mai santimita 10 da 15 ya isa a 600 dpi, ƙanana irin na katin shaida da na fasfo a ba su 1200.

Akwai iyaka, kuma gaskiya ce a faɗe ta. Ƙara lamba ba ya ƙirƙiro abin da babu shi a takarda. Hoton da tun farko hannun mai ɗauka ya girgiza zai ci gaba da zama dishi-dishi ko a 2400 dpi, sai dai fayil ya yi nauyi a banza. Haka nan manyan lambobin da wasu na'urori ke nunawa ba duka ne na gaske ba. A duba takardar na'urar a ga lambar da aka rubuta wa Optical, ita ce abin da idon na'urar ke gani, abin da ya haura ta cikon kwamfuta ne kawai.

Bayan dpi, abu uku nake roƙon a tsaya a kansu. Na farko, a kwafe hoton da launi ko da baƙi da fari ne. Kwamfuta tana ajiye hoto mai launi a shimfiɗa uku, ja da kore da shuɗi. Tabon da ya yi rawaya, na mai ko na tsufa, yakan fito baƙi ƙirin a shimfiɗar shuɗi amma ya kusa ɓacewa a ta ja. Mai gyara da ya san aikinsa sai ya ɗauki ta ja, rabin wahala ta ƙare. In an kwafe shi a Grayscale, an riga an narkar da tabon cikin fuskar. Na biyu, a kashe duk gyaran da na'urar ke yi da kanta, irin su Unsharp Mask da Auto Exposure da Dust Removal, domin suna ƙona farin rawani su shafe ɗinkin riga, kuma ba a iya dawo da abin da suka share. Na uku, a adana shi a TIFF. JPEG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa. Hoton dattijon nan a TIFF zai kai megabait 36, nauyin da ƙaramin katin waya zai ɗauki ɗaruruwansa.

Sannan a juya takardar a kwafe bayanta. A nan ake samun hatimin shago, da shekara, da suna da boko ko da ajami. Sau da yawa bayan hoto ne ke raba gardamar ko wane ne a gabansa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gyaran hannu kafin kwafi. Salatif yana tsufa ya bar tabo mai ruwan ƙasa, in an ɓare shi ya taho da fuskar hoton. Liƙe hoto a leda da na'ura mai zafi, yadda ake yi wa katin shaida, aiki ne da ba a warwarewa. Shafa jiƙaƙƙen tsumma yana narkar da saman takardar. Ƙura a kaɗe ta da buroshi mai laushi, shi ke nan. Hoton da ya yage gida biyu a jera guntayen a kan gilashin sikana da ɗan tazara a tsakaninsu, a haɗa su a kwamfuta. Wanda ya manne da gilashin firam kada a ja shi. A kwafe shi tare da gilashin, in ya fito dishi-dishi saboda sirarun na'urori ba sa ganin abin da ya ɗaga daga fuskarsu, a ɗauke shi da kamara.

Na san abin da za a ce mini: ina sikana a Tsauni, ina wuta, ina kuɗin mota zuwa Matamaye ko Damagaram? Magana ce mai nauyi. Amsata ita ce tafiya ɗaya ta isa, a tara hotunan dangi duka a cikin ambulan, wanda ya fi kowa natsuwa ya kai su, ya tsaya a kan aikin. Ya faɗa wa mai shago dpi nawa yake so, domin na'urorin fotokwafi an saba saita su don takardun ofis, su fitar da PDF mara ƙarfi. Kafin ya biya, a buɗe Properties ya ga adadin ɗigon da idonsa, a kuma faɗaɗa hoton a kan ido ɗaya. In ya ga ƙwayoyin takarda da bakin tsaga, aiki ya yi. In ya ga murabba'ai kamar an jera su, a sake.

In tafiyar ba za ta yiwu ba, waya ta fi babu, amma a yi ta da ƙa'ida. A zauna a inuwa mai haske, a kashe filasha, a goge idon wayar, a riƙe ta daidai saman hoton ba a karkace ba, a matso har hoton ya cika allo maimakon a ja shi da yatsa. Wajen turawa a zaɓi Document, domin in an tura shi a matsayin hoto WhatsApp yana matse shi ya rage masa ɗigo.

Ga masu gyara kuma, matasanmu da suka koyi wannan sana'a, ina da buƙata ɗaya. Duk wanda ya kawo muku hoto, ku mayar masa da abu uku: takardarsa yadda ya kawo ta, da kwafin asali da ba a taɓa ba, da wanda kuka gyara. Iyali su ajiye kwafin asalin a wuri biyu aƙalla, ɗaya a gida ɗaya a hannun ɗan'uwa a wani gari. Launin da kuka shafa wa riga zato ne, kuma wanda zai zo bayanku da ƙwarewar da ta fi taku zai so ya sake gwadawa. Zai iya ne kawai idan kun bar masa abin da zai fara da shi.