Jinjina ga mai atamfar Gummi

Ina jinjina wa masu sayar da kaya a WhatsApp da ke fitowa fili su ba da haƙuri in kaya sun makara. Wata mai atamfa a Gummi, wadda ke saro kaya daga Kantin Kwari a Kano, ta yi wa masu saye alkawarin Laraba. Direba ya kwana a Gusau, domin hanyar Anka ba ta biyuwa da dare.

Tun kafin a fara kiranta ta rubuta: “Hajiyoyina, ku yi haƙuri, ni na yi muku alkawari, ban cika ba. Kayanku na tashar Gusau, ga hoton buhun da lambata a jiki. Insha Allah Juma'a da la'asar za su iso. Kuɗin mota a kaina. Wadda bikinta ya matso ta yi magana, in mayar mata da kuɗinta yau.”

Hoton nan ya fi rantsuwa amfani. Matar da ta tura kuɗi daga Bukkuyum, tsoronta kada a ce an damfare ta ne, kuma ganin buhun ke kwantar mata da hankali. Mai atamfar ba ta laɓe bayan direba ba, alhali tana da hujja. Ta kuma sa Juma'a maimakon Alhamis, ta bar wa hanya rarar kwana guda, don saɓa alkawari karo na biyu shi ke korar mai saye. Mata biyu suka karɓi kuɗinsu, sauran suka jira.