Idon mai buga takardu

Mai shagon taki da maganin feshi a Sabuwa ya haɗa takardar talla a wayarsa da PixelLab, ya turo wa mai buga takardu a Funtuwa ta WhatsApp: "Malam, don Allah duba mini, ta yi kama da aikin ƙwararru?" Irin wannan saƙo na zuwa daga Faskari da Ƙanƙara duk gabanin damina. Abin da ke burge ni shi ne yadda gwanin ke amsa shi.

Ba ya cewa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Yakan fara da tambaya: "Alhaji, bango za ta hau, ko hannu za a ba mutane?" Ta bango A4 ce, santimita 21 da 29.7, kuma daga kan babur za a karanta ta. Ta hannu rabinta ya isa.

Daga nan sai ya fitar da ita baƙi da fari, domin ya san kwafi ɗari na farko ne kawai za su samu launi, sauran fotokwafi za a yi. A nan aikin Alhaji ke nuna rauninsa. Ya rubuta "Kamfa da Yuriya" da ja a kan kore, a waya abin na ƙyalli saboda hasken gilashi. A takarda kuwa ja da koren da duhunsu ya zo ɗaya duk toka-toka suke komawa, rubutun ya nutse. Gwanin sai ya mai da shi baƙi a kan fari. Ya manna takardar a ƙofa, ya ja da baya taku biyar, ya duba abin da ido ya fara kamawa. Idan sunan shago ne da furanni, ba taki ba, to an juya tsarin: kaya ne a sama da manyan baƙaƙe, sai wurin shago, sai lambar waya. Lambar nan mai alƙaluma 11 yakan raba ta huɗu, uku, huɗu, don manomi ya kwafe ba tare da ya tsallake ɗaya ba.

Salon rubutu biyar ya rage su zuwa biyu, kuma sai wanda ke da ƙ, ɗ da ɓ, in ba haka ba sunan Ƙanƙara kansa zai fito da akwatuna biyu a ciki. Rubutun da ya matse baki ya janyo shi ciki da rabin santimita, kada wuƙar yanka ta ci shi.

Hoton buhun takin ya dusashe, domin WhatsApp na matse hoto. Sai ya ce, "Alhaji, sake turo shi a matsayin Document, kuma ka ɗauki buhun shagonka da rana. Farashi mu cire shi, tunda kafin shuka zai canza."