Gwajin *he* da *him*: Yadda Gwanaye Ke Raba *who* da *whom*

Idan ka zauna kusa da gogaggen editan jaridar Turanci, ko tsohon malamin da ya daɗe yana duba takardun ɗalibai, za ka lura da wani abu da yake yi duk lokacin da idonsa ya faɗa kan *who* ko *whom*. Biro ya tsaya, leɓe ya ɗan motsa, sai ya gyara ko ya wuce. Ba ya buɗe littafin nahawu, ba ya tuno dogon bayani. A cikin wannan ɗan motsin leɓe ya cire kalmar, ya sa *he* a gurbinta, ya sake sa *him*, ya saurari wadda ta zauna. In *he* ta zauna, *who* ce daidai. In *him* ta zauna, *whom* ce. Dabara ce da ke burge ni ƙwarai, domin tana karɓar tambayar da ke ba mutum wuya, ta miƙa masa wadda kunnensa ya riga ya san amsarta. Ɗan aji uku na sakandare ba zai ce *him came yesterday* ba, ba kuma zai ce *I saw he* ba, ko da bai taɓa jin sunan aikau da karɓau ba.

Dalilin da ya sa gwajin ke aiki shi ne kalmomin 'yan gida ɗaya ne. *He* da *who* su ne siffar aikau, wato mai yin aikin. *Him* da *whom* su ne siffar karɓau, wanda aikin ya faɗa wa, ko wanda ya biyo bayan ƙananan kalmomi irin su *to*, *for* da *with*. Harafin *m* ɗin da ke ƙarshensu ma gado ne ɗaya daga tsohon Turanci, don haka yake da sauƙin riƙewa: mai *m* tana tafiya da mai *m*. Shi ya sa ake gwaji da *him* ko da mace ake magana a kanta, kuma in mutanen suna da yawa a ɗauki *they* da *them*. *Her* ba ta da wannan alama, ga shi kuma tana aikin mallaka, sai ta iya rikita mutum. *You* da *it* kuwa ba sa canza kama ko kaɗan, ba su da abin da za su nuna maka.

Mu Hausawa muna da dalilinmu na musamman na tuntuɓe a nan. Namu *wanda* da *wadda* da *waɗanda* suna canzawa ne bisa jinsi da adadi, ba ruwansu da ko mutumin shi ya yi aikin ko a kansa aka yi. Muna cewa "wanda ya zo", muna cewa "wanda na gani", kalmar tana nan yadda take. Amma bambancin da Turanci ke nema muna da shi a wani wuri: "ya zo" da "na gan shi". Wanda ya ji bambancin *ya* da *shi* a waɗannan jimloli biyu ya riga ya fahimci abin da ake nufi.

Ga misali mai sauƙi. *The driver ___ brought the parcel has left.* Yanki ɓangaren da ke bayanin direban kaɗai, ka gwada: *he brought the parcel*. Ta zauna, saboda haka *who*. Yanzu kuma *The driver ___ we hired has left.* In ka cusa kalmar a inda gurbin yake, za ka samu *he we hired* ko *him we hired*, duka biyun ba daɗin ji. Dole ka mai da ɓangaren ya zama jimla miƙaƙƙiya, ka kai wakilin sunan inda ya dace: *we hired him*. Saboda haka *whom*. Haka ake yi wa tambaya, sai dai ita amsa ta kawai za ka yi. *___ did you call?* Amsa: *I called him*. *___ called you?* Amsa: *he called me*.

Har nan kowa zai iya. Gwanintar tana fitowa ne a wajen yanka, wato sanin daga ina zuwa ina ɓangaren da za a gwada ya tsaya. A nan ne mafi yawan masu amfani da dabarar ke faɗuwa, kuma a nan ne nake jinjina wa waɗanda suka iya ta.

Ɗauki wannan jimla, irin wadda ake samu kullum a labaran kotu: *The cashier ___ the police believe took the money has been arrested.* Mai gaggawa zai ga *the police believe* a manne da gurbin, ya ce ai *the police believe him*, ya rubuta *whom*, har ya ji ya yi Turanci mai nauyi. Amma duba ma'anar da ya gina. *The police believe him* na nufin 'yan sanda sun gaskata maganar mutumin, alhali jimlar cewa take suna zaton shi ya kwashe kuɗin. Ya yanka gajere, ya bar *took the money* a waje.

Gwani ba ya yin haka. Yana ƙirga aikatau tukuna, ya tabbatar kowanne yana da mai shi. Uku ne a jimlar. *Has been arrested* na *the cashier* ne. *Believe* na *the police* ne. To *took* fa, wa ya ɗauka? Babu wanda ya rage sai gurbin nan. Don haka duk abin da zai shiga gurbin aikau ne na *took*. Sai ya gwada da ɓangaren gaba ɗayansa: *the police believe he took the money*. Ta zauna daram. Gwada ɗayar: *the police believe him took the money*. Ba mai jin Turancin da zai yarda da ita. Amsa ita ce *who*. Hanya mafi sauri ma ita ce ka rufe *the police believe* da yatsa, ka karanta saura: *the cashier who took the money*. Irin waɗannan 'yan kutse, *I think*, *they say*, *we know*, *she claims*, su ne tarkon da ya fi kama mutane, kuma alamar an faɗa shi ita ce a samu aikatau guda yana yawo ba mai shi.

Sai dai kada a mai da rufewa da yatsa doka, a riƙa sa *who* duk inda aka ga *believe*. Canza jimlar kaɗan: *The cashier ___ the police believe to be guilty.* Gwaji: *the police believe him to be guilty*. Yanzu *him* ce ta zauna, sai a rubuta *whom*. Kalma ɗaya, *to*, ta juya hukuncin. Abin da ya fi burge ni da dabarar ke nan: ba ta buƙatar ka san sunan wannan gini a nahawu. In dai ka yanka daidai, ka kai kowace kalma cikin gwajin, kunne zai faɗa maka gaskiya.

Tarko na biyu yana wajen *whoever* da *whomever*. *Give the prize to ___ finishes first.* Ido na ganin *to*, baki na cewa *to him*, hannu na rubuta *whomever*. Kuskure ne. Abin da *to* ta riƙe shi ne ɓangaren duka, kuma cikin ɓangaren *finishes* na neman mai shi: *he finishes first*. Sai *whoever*. Amma *Give the prize to ___ the judges choose* tana ba da *the judges choose him*, sai *whomever*. Gwajin a cikin ɓangaren ake yin sa, ba a leƙa abin da ke gabansa.

Akwai wuri guda da dabarar kan iya yaudarar mutum ko da ya yanka daidai, wato wajen aikatau *be*. *___ do you think it was?* A maganar yau da kullum Bature zai ce *it was him*, sai gwajin ya nuna *whom*. Amma ƙa'idar rubutu ta gargajiya *it was he* ta sani, don haka *who* ake so. Ba ƙananan mutane kaɗai wannan ya kama ba. Fassarar Baibul ta Sarki James, ta shekarar 1611, ta sa *whom* a irin wannan gurbi a Matiyu 16:13, sai da masu bita na 1881 suka mai da ita *who*.

Ya kamata kuma a san iyakar abin. Gwajin yana gaya maka siffar da nahawun rubutu ke so, ba ya gaya maka ko wurin ya cancanci wannan siffa. A hira, masu harshen kansu *Who did you call?* suke cewa, kuma ba wanda ke ɗaga gira. Tun a 1921 masanin harshe Edward Sapir, a littafinsa *Language*, ya yi hasashen cewa *whom* na kan hanyar ɓacewa daga bakin mutane. Ta ja baya sosai, amma ta riƙe wasu wurare gam. In ƙaramar kalma ta zo dab a gabanta tana riƙe da ita, ba makawa sai ita: *to whom*, *with whom*, *for whom*, kamar a *To whom it may concern* da ke saman takardun shaida a ofisoshinmu. Haka nan bayan adadi: *ten students, three of whom passed*, inda gwajin ke ba da *three of them*. Masu shirya tambayoyin WAEC da NECO da JAMB kuma ƙa'idar rubutu suke bi, don haka ɗalibi ba shi da zaɓi.

A ganina kura-kuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya sa *who* inda *whom* ta dace ya yi magana ne irin ta kowa, da wuya a kama shi da laifi in ba a zauren jarrabawa ko takardar hukuma ba. Wanda ya sa *whom* inda *who* ta dace kuwa ya yi kuskure ta kowace fuska, kuma mai karatun da ya sani zai gane nan take. Saboda haka, mai karatu, kada ka rubuta *whom* sai ka ware ɓangaren, ka ƙirga aikatau, ka ji *him* ta zauna. In ba ta zauna ba, rubuta *who*.