Labarin da Ba a Yarda a Yi Ƙarya a Cikinsa ba

Masu nazarin adabin yara sun daɗe suna kawar da kai daga ɗan labarin nan da ma'aikaciyar wasa ta asibiti ke rubutawa, ta zauna bakin gado ta karanta wa yaron da za a yi wa tiyata. Hukuncinsu guda ne: wai takardar bayani ce aka yi wa kwalliya da zane, babu hikima a cikinta. Wasu iyaye da likitoci kuma ta wani ɓangaren suke sukarsa, suna cewa tsorata yaro ne kawai da abin da gara ya same shi bagatatan. Duka biyun sun yi kuskure, kuma tushen kuskuren ɗaya ne, wato ba su duba yadda ake gina labarin jimla bayan jimla ba.

Tarihinsa gajere ne. A Birtaniya, fim ɗin da James Robertson ya yi a 1952 kan wata yarinya 'yar shekara biyu da aka kwantar a asibiti ba tare da uwarta ba ya girgiza likitoci, sannan rahoton Platt na 1959 ya nemi a bar iyaye su riƙa kasancewa da 'ya'yansu. A Amurka, Emma Plank ta kafa sashen kula da rayuwar yara a wani asibiti a Cleveland a 1955, ta kuma wallafa littafinta kan aikin a 1962. Daga nan sana'ar ta tsaya da ƙafarta, labarin shirya yaro ya zama ɗaya daga kayan aikinta, tare da 'yar tsana da akwatin kayan likita na wasa.

Dabarar da ta riƙe wannan rubutu gaba ɗaya ita ce bin gaɓoɓin yaron. Marubuciyar ba ta ba da labarin abin da likita zai yi. Tana jero abin da yaron zai gani, ya ji a kunne, ya shaƙa, ya ji a fata, kowanne a daidai lokacin da zai zo. A ɗauki yaro ɗan shekara biyar da za a yi wa aikin gwaiwa, irin wanda ake sallama a ranar. Labarin yakan fara da yunwa, domin an hana shi abinci awa shida kafin aikin, sai ruwa kawai har zuwa lokacin da asibitin ya ƙayyade. Gwanar marubuciya za ta sa Zomo a madadin yaron, ta rubuta wani abu kamar haka: «Cikin Zomo ya yi ta ƙugi. Ya nemi shayi da burodi, Mama ta ce sai an gama, domin maganin barci yana son ciki babu komai.» An ambaci wahalar, an ba da dalilinta a jimla ɗaya, an kuma nuna tana da ƙarshe. Yaro mai wannan shekaru yakan ɗauki duk wata hani a matsayin horo kan laifin da ya yi, shi ya sa dalilin nan bai kamata ya faɗi daga labarin ba.

Sai man kashe zafi, irin su EMLA, wanda ake shafawa a bayan hannu a rufe da leda mai manne, a jira kamar awa ɗaya. Takardar bayani za ta ce man yana rage zafin allura, ta wuce. Labarin kuwa zai ce man fari ne, yana da sanyi, kuma idan aka ɓare ledar tana ɗan jan gashin hannu. Wannan jan gashin shi ne ma'aunin da nake gane marubuciyar da ta san aikinta, domin abu ne ƙarami da babba ba ya lura da shi, amma shi ne zafi na farko da yaron zai ji a ranar. Idan ya zo daidai yadda aka faɗa masa, zai gaskata sauran labarin. Idan aka ɓoye shi, sai ya fara zargin har da sassan da suke gaskiya. Haka ake bi da abin da ake ɗana masa a yatsa mai jan haske, wanda ba ya ciwo, da fitilun rufi da zai ga suna wucewa yana kwance a gado mai taya, da abin rufe hanci da baki wanda iskar cikinsa ke da wari mai ƙarfi. Ba a ce masa warin yana da daɗi.

Wurin da ya fi nuna gwaninta shi ne tsakiyar labarin, inda babu komai. Da zarar Zomo ya rufe ido, shafi na gaba yana buɗe ido ne a wani ɗaki dabam. Wuƙa da ɗinki ba su shiga ba, kuma wannan bai zama ɓoye gaskiya ba, tunda dokar labarin ita ce a faɗi abin da yaron zai ji, shi kuwa ba zai ji komai a wannan tsakanin ba. Jimla ɗaya ake buƙata a nan: barcin magani dabam yake da na dare, ba a farkawa a tsakiyarsa, akwai likita na musamman da ke zaune kusa da kansa har a gama, sai ya tsayar da maganin sannan a tashi. Jimlar ta amsa tsoro biyu da yara ke ɗauke da su ba tare da sun furta ba, na farkawa ana cikin aiki da na rashin farkawa sam. Bayan haka labarin ya faɗi jiri, da bushewar maƙogwaro, da filasta a gindin mara, da cewa wurin zai yi ciwo, kuma idan ya yi sai a gaya wa nas ta kawo magani. An ba yaron aikin yi, kamar yadda tun farko aka bar shi ya zaɓi abin wasan da zai raka shi.

Masu cewa bayani tsoratarwa ne ba su da hujja mai ƙarfi. A 1975 Jean Johnson da abokan aikinta sun gwada yaran da za a cire wa simintin karaya, suka ga waɗanda aka bayyana wa abin da za su ji a jiki sun fi natsuwa a kan waɗanda ba a gaya wa komai ba. A shekarar dai, binciken Visintainer da Wolfer ya nuna yaran da aka shirya kafin ƙaramar tiyata sun fi ba da haɗin kai. Gaskiyar da ke cikin sukar ita ce ta lokaci. Binciken Zeev Kain na 1996 ya nuna yaro mai shekara shida zuwa sama ya fi amfana idan an shirya shi kwana biyar zuwa bakwai kafin aikin, kuma shirin jajibiri shi ne mafi ƙarancin amfani gare shi. Ƙaramin yaro kuwa kwana ɗaya ko biyu sun ishe shi, wanda bai kai shekara uku ba ma iyayensa ake shiryawa. Labari mai kyau da aka karanta a lokacin da bai dace ba yana iya ƙara damuwa, kuma alamar ba ta ɓuya: yaron zai ture littafin, ko ya daina wasa, ko ya yi ta maimaita tambaya ɗaya. Ƙwararriya a nan takan rufe littafin ta koma kan 'yar tsana.

Wannan ne ya sa ban yarda bugaggen littafi ko bidiyo zai maye gurbinsa ba. Bugaggen littafi zai iya nuna abin rufe hanci alhali allura za a yi wa wannan yaron, kuma ba ya ganin fuskar mai sauraro. Labarin bakin gado ana gyara shi ne gwargwadon aikin da asibitin da yaron, kamar yadda mai tatsuniya ke ja ko taƙaitawa idan ta dubi idanun yara. Bambancin shi ne tatsuniya kowa ya san ƙirƙira ce, wannan kuwa gobe da safe mai sauraron zai auna kowace jimla da jikinsa. Ban san wani nau'in adabin yara da ke fuskantar mai suka mai tsanani haka ba. Don haka ma'aunin da ya kamata manazarta su ɗora masa shi ne na daidaito da tsari da sanin inda za a yi shiru, kuma iyayen da suka saba cewa «ba zafi» a ƙofar ɗakin allura su ne suka fi kowa buƙatar karanta shi.