Jinjina ga Masu Tsara Tambayoyi

Ina jinjina wa masu zama tun dare suna goge tambaya suna sake rubuta ta, tun ba a kunna kyamara ba. Idan suka rubuta wa dattijon marina a Ƙofar Mata, "Baba, rini yana da wahala?" sun san "E" kawai za su samu. Sai su mayar da ita: "Baba, ba mu labarin ranar da ka fara haɗa baba da toka da kanka." Nan dattijo zai gyara zama, ya tuno maigidansa da karofin da ya lalace masa. Tambaya ɗaya suke yi, ba sa haɗa biyu, don ta ƙarshe kaɗai mutum yake amsawa. In ya yi shiru, sukan jira shi.