Jinjina ga Mai POS da Takardar Jikin Rumfarsa

Daga cikin masu POS da suka cika bakin titunan Kano, akwai wanda ya cancanci jinjina saboda wata takarda da ya manna a jikin rumfarsa, da Hausa zalla, ba boye-boye.

A sama ya rubuta ladan aikinsa: cire naira 5,000, lada naira 100, cire 10,000, lada 200. Ya kuma bayyana cewa banki na yanke nasa cajin daban, don kada mutum ya ga ragi a asusunsa ya zargi wanda bai ci ba. Kafin a sa kati ma sai ya tambaya: "Hajiya, a hada ladan a ciki, ko za ki bayar a hannu?"

A kasa sai gargadi: "Lambar sirrinka taka ce kai kadai, ko ni kada ka fada mini. Duk wanda ya kira ka ya ce daga banki yake, yana neman BVN ko lambar da aka turo wa wayarka, barawo ne, kashe wayar."

Idan na'ura ta nuna DECLINED alhali kudi sun fita, ba ya korar mutum. Yakan mika masa rasidin, ya nuna masa kwanan wata da lambar ciniki, ya ce ya adana. In kudin ba su dawo ba, da wannan takardar zai je bankinsa. Rikon amana ke nan, Allah Ya albarkaci sana'arsa.